Idan jimillar gefe ta ƙi haɗuwa da ta ƙasa a littafin ciniki

*"Assalamu alaikum Malam. Ni nake riƙe wa Kawuna littafin ciniki a shagonsa na kayan masarufi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Wannan makon na haɗa jimillar kowace rana ta ba ni ₦1,622,300, na haɗa jimillar kowane kaya ta ba ni ₦1,604,300. Na maimaita har sau uku, haka nake samu. Ga hoton shafin na turo. Wanne zan kai wa Kawu? Kuma ran da suka zo daidai, shi ke nan lissafina ya fita?"* (Wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna)

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka kai wa Kawu ko ɗaya tukuna, kuma kada ka taɓa ko lamba ɗaya a shafin nan sai mun gano inda matsalar take. Na ji daɗi ƙwarai da ka haɗa lissafin ta fuska biyu, domin yawancin yaran shago ta fuska ɗaya suke haɗawa su rufe littafi. Ga shafin naka na kwafo shi yadda ka rubuta:

| Rana | Shinkafa | Sukari | Man girki | Taliya | Jimillar rana |
|---|---|---|---|---|---|
| Litinin | 184,000 | 62,500 | 95,000 | 41,200 | 382,700 |
| Talata | 152,000 | 48,000 | 73,500 | 36,800 | 310,300 |
| Laraba | 206,500 | 59,000 | 84,000 | 29,600 | 397,100 |
| Alhamis | 138,000 | 71,500 | 66,000 | 45,400 | 320,900 |
| Juma'a | 97,500 | 37,000 | 52,500 | 24,300 | 211,300 |
| Jimillar kaya | 778,000 | 278,000 | 371,000 | 177,300 | ? |

A cikin jadawalin nan lambobi ashirin ne na ainihi, kwana biyar sau kaya huɗu. Sauran tara, biyar na gefe da huɗu na ƙasa, duk daga waɗannan ashirin aka haife su. Idan ka bi layukan kwance ka tara, lambobi ashirin ɗin nan ka tara. Idan ka bi layukan tsaye, su ɗin dai ka sake tarawa, tsari kawai ka sauya. Kamar mutum ne ya jera buhuna a sito, ya ƙirga daga bakin ƙofa zuwa bango, sannan ya sake ƙirgawa daga dama zuwa hagu: buhunan ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. Shi ya sa gidan nan na kusurwa, inda na sa alamar tambaya, lamba ɗaya tak yake karɓa, kuma dole hanyoyin biyu su kai ka gare ta. Mu a aikin odit, wato binciken asusu, muna kiran tara layin tsaye kastin, tabbatar da shi ta kwance kuma kuros-kastin, kuma shi ne abu na farko da ake yi wa kowace takarda kafin a fara karanta abin da take cewa.

Maimaitawar da ka yi sau uku ba ta taimake ka ba saboda jimillolin kake sake tarawa, alhali ɗaya daga cikinsu ce ta lalace tun farko. Ko sau ɗari ka tara lamba mara kyau, amsa mara kyau za ta ba ka.

Fara da tambayar bambancin kansa

Ka cire ƙaramar daga babbar: 1,622,300 a debe 1,604,300, saura 18,000. Wannan lambar ita ce sawun ɓarawo. Kafin in ɗauki kalkuleta in sake tara komai, nakan rubuta ta a gefen takarda in yi mata tambayoyi, kuma a jere nake yin su domin mai sauƙi ake fara yi.

Tambaya ta farko, akwai 18,000 cif a cikin jadawalin? Idan akwai, to galibi an tsallake wannan gidan ne a wajen tara ɗaya fuskar, ko kuma an danna shi sau biyu. Na duba shafinka, babu. Ta biyu, rabinta fa, wato 9,000? Dalilin duba rabi shi ne kayan da aka dawo da su. A ce wani ya dawo da katan na 9,000, ka debe shi a layin ranar amma ka tara shi a layin kayan. Tazarar da za ta fito ninki biyu ce, domin gefe ɗaya ya sauka da 9,000, ɗayan ya hau da 9,000. Wannan ma babu a shafinka. Ta uku, bambancin lamba ce mai kai ɗaya da sifili zalla, irin 1,000 ko 10,000 ko 100,000? Irin wannan yakan fito ne ga mai tarawa da ka, idan ya manta ɗayan da ya riƙe a hannu bai kai shi gaba ba. Naka ba haka yake ba.

Sai ta huɗu, wadda ita ce ta kama naka: bambancin yana rabuwa da tara ba saura? Ba sai ka yi dogon rabo ba, ka tara lambobin cikinsa kawai. 1 da 8 tara ne, sifili ba ya ƙara komai. Duk lambar da haɗin lambobinta ya ba da 9, 18, 27 da makamantansu, tara tana raba ta. To 18,000 a raba tara ya ba da 2,000.

Idan bambanci ya rabu da tara, abin da zuciyata ke fara kawowa shi ne an juya lambobi biyu maƙwabta, ta gaba ta koma baya, ta baya ta koma gaba. Kuma 2,000 ɗin nan tana faɗa maka abu biyu. Lamba 2 tana cewa lambobin da aka juya tazarar biyu ce a tsakaninsu, kamar 4 da 2, ko 9 da 7. Sifili ukun kuma suna cewa juyin ya faru ne a gidan dubu da gidan dubu goma. Yanzu sai ka bi shafin da yatsa, kana kallon lambobi biyun da ke daf da waƙafi ta hagu. Cikin lambobi ashirin da tara, huɗu ne kawai suka cika sharaɗin: 397,100 da 320,900 a jimillar gefe, sai 97,500 da 24,300 a layin Juma'a. Aikin da zai ci maka dare ya dawo duba layuka uku.

Ɗauki Laraba. Tun kafin kalkuleta, ka yi kiyasi da ka: shinkafa wajen 207, sukari 59, mai 84, taliya wajen 30. Sun tashi 380, ba su kusa da 397 ba. Yanzu tara su sosai: 206,500 da 59,000 sun ba da 265,500, a ƙara 84,000 ya zama 349,500, a ƙara 29,600 ya zama 379,100. Kalkuleta ta nuna maka 379,100, hannunka ya rubuta 397,100. Na tara sauran layuka huɗun na kwance da huɗun na tsaye, duk lafiya suke. Da ka gyara Laraba, jimillar gefe za ta dawo 1,604,300, ta haɗu da ta ƙasa.

Ga dalilin da ya sa tara take fitowa, don kada ka ɗauka siddabaru ne. A 379,100, lamba 9 tana tsaye ne a matsayin 9,000. Da ka matsar da ita gaba ta zama 90,000, wato ta ƙaru da 81,000, ninki tara na kanta. Ita kuma 7 tana matsayin 70,000, ta faɗo ta zama 7,000, ta ragu da 63,000, shi ma ninki tara na 7,000. Ka debe 63,000 daga 81,000, ga 18,000 ɗinka. Duk lambar da ta matsa gida ɗaya, ninki tara take ƙaruwa ko raguwa, don haka bambancin ba shi da mafita sai ya rabu da tara.

Wannan dalilin ne kuma ya sa tara take kama wani kuskuren daban, wato zamewar sifili. Da a wajen tara sukari ka danna 6,250 maimakon 62,500, bambancin zai zama 56,250, a raba tara ya ba da 6,250, wato ainihin lambar da ka danna ba daidai ba. Saboda haka idan ka raba da tara ka samu lamba guda da sifili zalla a bayanta, irin 2,000 ɗin nan, nemi juyi. Idan ka samu doguwar lamba mai kama da wata da ke cikin jadawalin, nemi sifilin da ya faɗi ko ya ƙaru. Amma ka riƙe cewa alama ce kawai. Cikin kowace lamba tara, ɗaya tana rabuwa da tara ko ba a juya komai ba, kuma idan kurakurai biyu ne suka haɗu, bambancin ba zai yi kama da ko ɗayansu ba. A nan babu dabara sai a sake tara kowane layi ɗaya bayan ɗaya. Idan za ka sake, ka sauya hanya: wanda ka tara daga sama zuwa ƙasa, yanzu tara shi daga ƙasa zuwa sama. Ido yakan maimaita tuntuɓen da ya yi idan ya bi tsohuwar hanyarsa. Ka aza rula a ƙarƙashin layin da kake kai, musamman da yamma lokacin da kasuwa ta cika da hayaniya ana kiranka ta ko'ina.

Ran da suka zo daidai

Wannan ɓangaren ya fi damuna, domin a nan na ga mutanen kirki sun shiga uku. Haɗuwar jimillar gefe da ta ƙasa shaida ce cewa ka tara daidai. Ba ta ce komai ba game da ko lambobin da ka tara gaskiya ne.

Dubi sukarin Alhamis, 71,500. A ce tun wajen kwafowa daga rasit ka rubuta 17,500 a cikin gidan. Layin Alhamis zai ragu da 54,000, layin sukari shi ma zai ragu da 54,000. Gefe zai ba da 1,550,300, ƙasa ta ba da 1,550,300, su haɗu lafiya lau, ka ja layi biyu ka rufe littafi. Juyin lambobi iri ɗaya ne da wanda ka yi a Laraba, amma wancan ya faɗa kan jimilla shi ya sa ya tona kansa, wannan kuwa ya faɗa cikin gida, inda hanyoyin biyu suke ɗibar ruwa daga rijiya ɗaya. Washegari Kawu zai ƙirga kuɗi ya ga sun fi littafi da 54,000. Idan kuma juyin ta ɗaya fuskar ne, littafi ya fi kuɗi, to kai ne za a fara kallo, ko da bakin kowa bai furta ba.

Haka idan ka sa kuɗin man girki a gidan taliya. Jimillar rana ba za ta motsa ba, babbar jimilla ba za ta motsa ba, amma Kawu zai ɗauka taliya na tafiya ya je ya ƙaro ta, mai kuma ya yanke. Haka idan rasit guda ya faɗi bayan kanta ba a shigar da shi ba sam. Abin da bai shiga jadawali ba, babu yadda tara jadawalin zai nuna shi. Akwai kuma kurakurai biyu da ke rufa wa juna asiri, jimillar wata rana ta haura da 1,000, ta wata ranar ta gaza da 1,000. Ba kullum ake samun wannan ba, amma na sha gani.

Farkon fara aikina an tura ni wata makaranta mai zaman kanta a nan Kaduna in duba kuɗin makaranta na zango guda. Jadawalin azuzuwa ne a kwance, nau'in kuɗi a tsaye: na karatu, na littattafai, na yunifom, na jarrabawa. Na tara ta nan, na tara ta can, suka haɗu har kwabo. Na buga alamata na kai wa maigidana ina jin na yi aiki. Bai ko kalli jimillar ba, ya ce in ɗauko masa kututturen rasit da takardar banki. Muka zauna har bayan la'asar, sai ga shi littafin rasit guda na wani aji bai shiga jadawalin ba gaba ɗaya. Ba sata ba ce, akawun makarantar ya bar shi ne a cikin durowa lokacin da aka sauya masa ofis. Amma da sa hannuna ya tafi a haka, da na shaida abin da ba gaskiya ba. Tun ranar ban ƙara sa hannu a kan jadawali ba sai na gwada kusurwarsa da wata lamba da ta fito daga wajensa.

A shagonku wannan lambar ta waje tana nan a hannunka. Cinikin mako hanya uku yake shigowa: kuɗi hannu, abin da ya shiga banki ta tiransifa ko kati, da bashin da aka ɗauka. A ce, misali, kuɗin da aka ƙirga kullum da yamma sun tashi 912,000, na banki 601,800, littafin bashi ya nuna sabon bashi na 90,500. Haɗinsu 1,604,300. Idan haka ta fito, yanzu kana da shaidu biyu da ba su haɗa baki ba, ɗaya daga rasit, ɗaya daga aljihun tebur da banki. Ka kula da abu biyu a nan. Kuɗin da aka ɗiba daga ciniki aka biya ɗan dako ko aka sayi man janareta dole ka mayar da su cikin lissafin kuɗi hannu, in ba haka ba za ka ga giɓin da ba giɓi ba ne. Sannan wanda ya zo biyan tsohon bashi, kuɗinsa ba cinikin wannan makon ba ne, ka ware shi. Na banki kuma ka ɗauko shi daga bayanin asusun kansa, kada ka dogara da hoton alat da mai saye ya nuna maka a wayarsa.

Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah kada ka koya, ko da ka ga manya suna yi: cusa lamba don lissafi ya haɗu. Mutum ya gaji, dare ya yi, sai ya ƙara 18,000 a wani gida ko ya goge jimilla ɗaya ya kwafe ɗayar a kanta. Da ka yi haka a shafin nan ka zaɓi babbar lambar, ka rubuta wa kanka bashin 18,000 da ba ka ci ba. Kuma mai bincike yana gane cushe da wuri, domin gidan da aka cusa ba shi da rasit.

Idan ka koma kwamfuta

Na san da yawa daga cikinku yanzu a Excel kuke yi, ko a waya. A ce kwanakin suna layi na 2 zuwa na 6, kayan suna B zuwa E, jimillar rana a F, jimillar kaya a layi na 7. Ka ware gida ɗaya a gefe ka sa wannan:

```
=ROUND(SUM(F2:F6)-SUM(B7:E7),2)
```

Dole ya nuna sifili. Na sa ROUND ne saboda idan akwai kwabbai a lissafin, kwamfuta takan bar ɗan ɓurɓushin da ido ba ya gani, sai ta ce ba su haɗu ba alhali sun haɗu. Kwamfuta ba ta kuskuren tarawa, don haka idan gidan nan ya nuna wani abu ban da sifili, hannun mutum ne. Ko dai wani ya buga lamba a kan gidan da ya kamata ya ɗauki dabarar tarawa, ko kuma an ƙara layin Asabar, an faɗaɗa dabarar gwajin ta ɗauko jimillarsa, amma SUM na ƙasa ya tsaya a layi na 6 bai ɗauko sabon ba. Ka danna kowace jimilla ka kalli abin da ke rubuce a sama, za ka gani.

Akwai tarkon da wannan gwajin ba ya kamawa. Idan lamba ta shiga gida a matsayin rubutu, kamar idan an buga harafin O a madadin sifili ko an kwafo ta daga saƙon waya, SUM yana tsallake ta shiru, ta kwance da ta tsaye duka. Jimillolin za su haɗu, kuma dukkansu sun gaza. Maganinsa ka ƙirga gidajen da ke ɗauke da lamba ta gaske:

```
=COUNT(B2:E6)
```

A jadawalinka ya kamata ya ba da 20. Idan ya ba da 19, akwai gida ɗaya da ke ɓoye, kuma galibi za ka gan shi ya jingina ta hagu alhali sauran sun jingina ta dama. Saboda wannan ne nake so ranar da ba a sayar da wani kaya ba a rubuta 0, kada a bar gidan fayau.

Ba kowane jadawali ne kuma ake yi wa wannan gwajin ba. Idan shinkafa a buhu take, mai a jarka, taliya a katan, tara su a kwance ba shi da ma'ana, sai an mayar da su naira. Layin farashi, ko na kashi cikin ɗari, ko na matsakaicin ciniki, su ma ba a tara su. Sannan idan ka taƙaita lambobin zuwa dubu-dubu don Kawu ya ji sauƙin karantawa, ka sa ran ɗan saɓani. Man girkinka zai zama 95, 74, 84, 66 da 53, haɗinsu 372, alhali jimillar gaskiya 371 ce. Wannan ɗayan daga taƙaitawa ya fito, don haka a yi gwajin da cikakkun lambobi, a taƙaita daga baya.

Hoton shafi kawai na gani, ban ga rasit ko ɗaya ba, don haka abin da zan iya tsaya maka a kai shi ne lambobi ashirin ɗin da ka rubuta sun tashi ₦1,604,300. Ka ja layi ɗaya siriri a kan 397,100 yadda za a iya karanta ta, ka rubuta 379,100 a samanta, ka sa hannu da kwanan wata a gefe. Kada ka goge, kada ka shafa farin ruwa. Sannan ka ɗauko rasit na kwana biyar ɗin ka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya kana ɗiga musu alama da fensir, ka haɗa kuɗi hannu da na banki da bashi, ka kai wa Kawu shafin da gyaransa a fili tare da wannan lissafin na biyu. Allah ya yi wa kasuwa albarka, ka gaishe min da shi.